Takardar da ta so cinye inabin Glenda

Shekara ashirin da shida katangar katako ɗaya ce ta raba ni da Glenda Pawlak a layinmu na Toledo, a jihar Ohio ta Amurka, kuma har yau ban taɓa miƙa mata kofi ta sha ba tare da ta leƙa cikinsa ba. Haka Allah ya yi ta. Ka ce mata ana ruwa, sai ta zura hannu ta taga ta tabbatar.

A Huddersfield ta ƙasar Ingila aka haife ta. Tana da shekara ashirin da uku ta biyo Stan, ɗan garin nan da aka tura can gyaran injinan masaƙa, ya dawo da mata maimakon tsaraba. Ni Sarauniya nake kiranta, don har yanzu idan ta buɗe baki sai ka ce rediyon Landan. Ita kuma Baki Buɗe take ce mini, ko da yake sunan da uwata ta raɗa mini Virgil ne.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a wata maɗaba'a tana gyaran rubutu da jan biro: takardun coci, littafin ƙarshen shekara na makarantu, tallan kantin kayan gini. Ta taɓa ba ni labarin satinta na farko, yadda ta bi tallan wani mai fenti tana cusa harafin u cikin kowace kalmar color, irin rubutun Ingila, maigidan ya dire mata takardar a gaba ya ce nan ba ƙasarsu ba ce. Tun ranar ta ajiye ƙamus biyu a teburinta, na can da na nan. Wai aikinta ba ta zaɓar wa mutum Turanci ba ne, ta gano wanda ya ɗauko ne ta hana shi sakin sa a tsakiyar shafi. Ni da na bar makaranta ina ɗan shekara sha shida na shiga masana'antar gilashi, kai kawai na gyaɗa.

A ƙarshen layinmu akwai kangon fili da muka mayar lambun unguwa, kowa da feginsa. Ni tumatir da barkono nake sakawa. Fegin Glenda kuwa itacen inabi ne ya cinye rabinsa, wanda Stan ya dasa shekara biyu kafin ya rasu. Ya yi shekara sha tara a wurin, gindinsa ya kai kaurin damtsena, ba abin da za a tona a kai wani wuri ba ne. Kullum da safe tana can da almakashi, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Na tambaye ta ko da wane irin Turanci yake amsawa, ta jefe ni da safar hannu.

Kwamitin mutum biyar ke riƙe da lambun. Lorraine Szymanski ce shugaba, mace mai tarin makullai a wuya. Mataimakinta Delbert Hoffer, tsohon malamin Turanci na sakandare, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Feginsa na manne da na Glenda ta arewa, kuma ya shekara biyar yana ƙorafin inuwar inabin na kashe masa wake. Glenda ita ke rubuta bayanan taro, amma ba ta da ƙuri'a.

A watan Yuni Lorraine ta sa wa famfon lambu kwaɗo, ta ce sai Talata da Asabar za a buɗe. Sati bai zagayo ba muka wayi gari da takarda a akwatin wasiƙar kowa, bugun na'ura, ba sa hannu. Takardar ta ce kwamiti sun mayar da ruwan unguwa na gidansu, sun ba 'yan uwansu makulli a ɓoye. A dokar lambun kuwa, duk wanda aka kama da ɓata sunan wani ba tare da ya fito fili ba, an ƙwace feginsa.

Nan da nan layi ya lalace. Mai gaishe ka da ka ya koma gaishe ka da ido. Kowa ya fara tuna wanda ke da na'urar buga takarda a gida. Ni ma an zarge ni kwana biyu, har Lorraine ta ce a bar Virgil, takardar ba kuskuren harafi ko ɗaya. Ban san ko in yi godiya ba.

Delbert ne ya zo da abin da ya kira hujja. Ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi uku na farkon takardar, The committee are. Ya bi gida-gida yana bayani cewa ɗan Amurka is zai ce, wato kwamiti ya yi kaza, don kwamiti abu ɗaya ne. Mutanen Ingila ne ke cewa kwamiti sun yi, gwamnati sun ce, ƙungiya sun ci wasa. Bai kama suna ba. Ba ya ma bukata, don mutum ɗaya ce a layin ta tsallako teku.

Na leƙa ta katanga na shaida mata an sa ranar Asabar za a zauna a kanta. Tana ɗaure reshe, ba ta ko juyo ba.

"Sarauniya, tsakaninmu, ke kika rubuta? In ke ce, ki ba ni kwafi mai sa hannu in ajiye."

"Kai ma ka yarda ke nan."

"Ban yarda ba, ban ƙi ba. Amma ran nan na ji ki a waya da ƙanwarki kina ta zuba are kamar ana biyan ki."

Ta ce wanda ke laɓe a katangar mutane bai kamata ya yi alfahari da kunnensa ba. Ta ci gaba da ɗaure reshenta.

Ranar Asabar da hantsi muka taru a gindin rumfar kayan aiki, mu kusan ashirin, kan kujerun roba. Delbert ya karanta takardar da murya irin ta aji, ya maimaita bayaninsa, ya ƙara da cewa ya shekara talatin yana jan kunnen yara kan wannan kuskure. Kalmar kuskure ce ta ta da Glenda. Ta miƙe da jakarta ta leda, ta zaro jan biron nan da na ɗauka ya daɗe da bushewa.

Ta ce ba kuskure ba ne, a can ko a nan. Mutanen ƙasarsu duka biyun suke faɗa: idan suna kallon kwamiti a matsayin abu guda, su ce ya, idan suna kallon mutanen da ke ciki, masu gardama da ɓoye makulli, su ce sun. Mutanen nan sun fi son ya, kuma ba laifi. Sannan ta zube littattafan taro na shekara sha ɗaya a kan tebur, ta ce a nemo mata wuri ɗaya da ta rubuta wa kwamitin nan are. Lorraine ta ce ai mai wayo kan ɓoye halinsa a littafin da kowa zai gani.

Glenda ta ɗauki takardar ta zagaye wurare biyu. Kwanan watan da ke sama, wata aka fara sawa kafin rana, irin na nan. A layi na huɗu kuma akwai gotten, kalmar da ta ce tsararta a Huddersfield ba sa faɗa, got suke cewa. Wanda ya rubuta wannan, in ji ta, hular Ingila ya sa a kan rigar Ohio. Delbert ya yi murmushi ya ce wanda ya shekara hamsin a nan dole harshensa ya cakuɗe. Gaskiya nan ma yana da magana, na ga kawuna na gyaɗawa.

Sai ta taka zuwa ƙofar rumfar, ta ciro sanarwar da Lorraine ta manna da hannunta ranar da aka sa kwaɗo, ta karanta a hankali. Kwamiti ya yanke shawara za su kulle famfo. Ta zagaye has, wato ya, ta zagaye they, wato su.

"Lorraine, a jimla ɗaya kin mayar da kwamiti mutum guda, kafin ki kai aya kin mayar da shi taro. A Huddersfield aka haife ki?"

Lorraine ta ce a asibitin da ke bayan gada aka haife ta, kowa ya sani. Wani a baya ya ce shi ma bai taɓa haɗa police, wato 'yan sanda, da is ba, kullum are ne. Aka fara gunaguni, kowa na gwada jimla a bakinsa yana kallon maƙwabcinsa.

Ni dai abu ɗaya ke ta yi mini yawo a ka, kuma ba na iya riƙe magana. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Mista Hoffer, taimaki jahili. Kafin ka zagaya gidajenmu, wa ya san Turawan Ingila haka suke magana? Ni dai ban sani ba. Lorraine, kin sani?"

Lorraine ta ce ba ta sani ba. Aka bi layi da ido, ba wanda ya sani. Ya rage mutum biyu a duk lambun, mai inabi da mai waken da inabi ya hana rana. Delbert ya yi ja har kunne, ya ce wannan cin mutunci ne, shi ba ya rubuta abin da bai sa wa hannu ba. Na ce ni ban ce komai ba, tambaya na yi.

Aka kaɗa ƙuri'a. Uku suka ce kalma ɗaya ba ta isa a raba mutum da feginsa ba, Delbert ya ce ta isa, Lorraine ta ƙi ɗaga hannu ko ta ina. Glenda ta kwashe littattafanta ta dire a cinyar Lorraine, ta ce su nemi wani marubucin. Ba ta sake zuwa taro ba.

An cire kwaɗon famfo a watan Yuli ba tare da sanarwa ba. Har yau ba a san wanda ya rubuta takardar ba. Rabin layi na kallon Delbert, shi kuma ya mayar da wakensa can kusa da titi, ya daina gyara wa mutane gaisuwa. Sauran rabin ba su sauka daga kan Glenda ba.

Da inabi ya nuna a watan Satumba ta miƙo mini kwano ɗaya ta saman katanga. Na ce mata abin da ke damuna shi ne, duk layin nan ba wanda ya fi ta sanin inda za a dasa gotten a takarda don a ce ɗan Ohio ne ya rubuta. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe.

"Wanke kwanon kafin ka dawo da shi, Baki Buɗe. Zan duba."