Magana Tukuna, Gaisuwa Daga Baya

Ina ajiye wa mutanen Sakkwato iri da taki a Sabon Birni, ƙanena kuma yana kai su inda aka ce da motarsa. Yawancinsu ma'aikatan ƙungiyoyi ne, komai sai su rubuto imel. A unguwarmu kira yana shiga, amma imel ba ya buɗewa sai na fita bayan gari, inda sabis ya fi ƙarfi. Na yi ta wannan zirga-zirga har maƙwabta suka fara tambayar matata ko cikina lafiya.

Sai na rubuta musu saƙo: ina duba imel da ƙarfe tara na safe, da kuma bayan La'asar, abin gaggawa a kira ni. Na sa malamin firamare ya duba mini, ya ce babu kuskure. Na kai wa wani malamin.

Wata safiya ƙanena ya gama lodin irin gero zai kai Isa. Hanyar nan ba a hawanta a banza, saboda 'yan bindiga. Idan ya fita, mahaifiyarmu ba ta cin abinci sai ya dawo. Yana ɗaure tamfol Hajiya ta kira, ita ce mai kayan. Ta tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da jikin tsohuwa, da ko mun sami ruwa. Na amsa duka, ni ma na tambayi nata. Ta ce, "To Malam, dama..." sai layi ya yanke.

Na kira, bai shiga ba. Ƙanena ya ce gaisuwa ce kawai, mace mai zumunci, rana kuma tana yi. Na ce mutum ba ya cewa "dama" bayan gaisuwa sai da magana.

"Yaya, kai ko kaza ta yi tari sai ka ce da magana."

Na zare makullin motar na sa a aljihu, na hau babur. Tara ba ta yi ba, kuma ni da hannuna na rubuta tara. Wannan ya dame ni a hanya, amma da na isa bayan gari na buɗe imel. Ta rubuto bayan yankewar layin: an ɗage rabon iri zuwa mako mai zuwa, babu mai karɓa a Isa, kada mota ta taso.

Da na dawo da labarin, ƙanena ya kwance tamfol. Tsohuwa ta ci tuwonta.

Bayan La'asar na ƙara layi ɗaya a saƙon: don Allah wanda ya kira ya fara faɗin abin da ya kawo shi, gaisuwa ta biyo baya, ba raini ba ne. Na daɗe ina kallon layin kafin na tura.

Da mako ya zagayo Hajiya ta kira. "A kai irin gobe, suna jira. Ina kwana, Malam?"

Na ce lafiya lau. Muna cikin tambayar iyali layi ya yanke.