Sunayen da Sikirif ya Tsallake

Ranar da diskin ordinatar gidan rediyonmu ya fara ƙas-ƙas, ni kaɗai ne a buro. Kullum ma ni kaɗai ne. A duk Illela babu wanda zan ce wa diski na kuka ya fahimci abin da nake nufi. Masu gabatar da shiri kan leƙo su ce, "Mai waya, an gyara?" su wuce, don haka suke kirana. Daraktanmu kuwa, Allah ya ba shi lafiya, ordinata, wato kwamfuta, a wurinsa kamar firji ce: in ta yi haske to lafiya lau take.

Tsohuwar ordinata ce mai Windows, duk shirye-shiryenmu na shekaru suna cikinta. Ban tsorata ba da farko, don akwai ajiya. Wani masani da aka taɓa turo mana daga Yamai ya bar mana sikirif, wato ƴan layukan umarni da ke kwafe komai zuwa wani diski duk mako. Kowane mako yana rubuta "an gama", ni kuma ina gaskata shi.

Na kashe ordinatar, na buɗe ajiyar a kan tawa. Labaru suna nan, jawaban manya suna nan, tallar takin zamani ma tana nan. Sai na shiga dosiyen matata, wato jakar da fayilolinta suke.

Wayam. Fayil ƙalilan, su ma sanarwa ce da Faransanci.

Matata malamar yaƙi da jahilci ce, ita ke gabatar da shirin mata kafin Allah ya karɓi abinsa. Mace ce mai taurin kai a kan rubutu. Kowa a rediyon yana sa wa fayil suna yadda ya ga dama, ita kuwa sai da ta sa na nemo mata allon rubutu mai haruffan ƙugiya. "Ƙosai da ɗanwake". "Ɓarin ciki". "Tarbiyyar ƴaƴa". Na sha ce mata, "Malama, injin nan ba ɗalibinki ba ne." Sai ta ce in injin bai iya ba, ni mi ne amfanina?

Na buɗe sikirif ɗin na karanta, raina na tafasa. Yana tambayar Windows sunayen fayil ta tsohuwar hanya, wadda ke da gurbin haruffan Turawan yamma kawai. Harafin é yana da gurbi a can, shi ya sa na Faransanci suka wuce. Ɗ da ƙ da ɓ da ƴ ba su da shi, sai a mayar wa sikirif da alamar tambaya a madadinsu. Ya je buɗe fayil mai wannan suna, babu shi, domin sunan gaskiya yana nan da ƙugiyarsa. A nan ne bawan Allahn ya rubuta: in an samu matsala, a wuce. Ko tari ba ya yi. Haba! Shekara da shekaru yana tsallake ta yana ce mini an gama.

Ɗiyarmu tana Tsarnawa wurin kakarta. Tana rarrafe uwarta ta rasu. Na daɗe ina ce mata in ta ƙara wayo zan sa mata muryar innarta ta ji, ni kaina ban taɓa iya buɗe dosiyen ba. Yanzu muryar tana wuri ɗaya tak a duniya, cikin diski mai kuka.

Wa zan kira? Wanda muka yi karatu tare yana Konni yana sayar da wayoyi, ya ce shi ya bar wannan wahala. Na zauna ni da fanka.

Na ta da ordinatar da Linux maimakon Windows, daga kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata, na haɗa diskin ta yadda za a karanta kawai, ba a rubuta komai a kansa. Linux ya nuna sunayen daidai, ƙugiya tsaf. Sai dai kwafe diskin gaba ɗaya ba zai yiwu ba, ba ni da wurin zubawa, kuma ban ga alamar zai kai ba. Fayilolinta kuma ba a dosiyenta kaɗai suke ba, sun watsu cikin na wata-wata da na masu haɗa shiri. Sai na ga ai abin da ya sa aka tsallake ta shi zai nuna mini ita. Na rubuta sabon sikirif: bi ko'ina, duk sunan da ba zai shiga tsohuwar hanyar nan ba, kwafe shi tukuna. In fayil ya ƙi, ka faɗa mini da babbar murya.

Na sake shi ya fara aiki. Na farko da ya fito: "Cérémonie". Na biyu, jawabin wani babba a bikin buɗe rijiya. Innalillahi! Diski na ƙas-ƙas, ni kuma ina ceton tafi da guɗa.

Na tsayar da shi. A ido é ɗin nan ba ta da bambanci da kowace é. Da na sa aka nuna mini lambobin haruffan, sai ga ta gida biyu: e daban, alamar kanta daban, alamar kuma ita kaɗai ba ta da gurbi a tsohuwar hanyar. Nan na tuna wata ma'aikaciyar furoje, irin aikin ƙungiyoyin agaji, da ta zauna da mu tana haɗa shiri a kan Mac. Injinta haka yake ajiye é, a rabe, namu kuma a dunƙule. Haruffan ƙugiya ba sa rabuwa, kowanne guda ne ko'ina. Na ƙara layi ɗaya: kafin ka gwada suna, dunƙule irin waɗannan haruffa, amma wurin buɗe fayil yi amfani da sunan yadda yake a diski, kada ka taɓa shi. Na Mac ɗin su ma ba su cikin ajiya, na sani. Na ce su jira, in da rabo.

Sai sunayenta suka fara gangarowa. Ban san na haddace su ba. Wannan ranar da muka je Tajaye a babur ne, wancan tana da ciki, tana zaune a kan bokiti don kujerar situdiyo ta yi mata tsawo. Aka kira la'asar, na yi salla a nan gefen tebur, kunnena na kan diskin. Wani fayil ya ƙi, sikirif ya faɗa, na rubuta sunan a zuciyata. Wani ma ya ƙi. Can sai kukan ya canza, ya zama kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, daga nan Linux ya ce ba ya ganin diskin. Ban sake samunsa ba. Jawaban Mac sun tafi, da wasu nata. Mafi yawa dai sun tsira.

Darakta ya leƙo ya ce, "An gyara?" Na ce a'a, ta mutu. Ya ce to a rubuta takarda, ya tafi.

Na kwafe su wuri biyu, na duba kowane suna, ƙugiyarsa na nan. Sannan na sa abin ji a kunne, na ce bari in tabbatar fayil ɗaya yana buɗewa kafin in kai wa yarinya. Aiki ne kawai, haka na ce wa kaina. Na taɓa "Ƙosai da ɗanwake".

Ashe ɗanyen ɗauka ne, ba a yanke farkonsa ba. Na ji ƙarar kujera, na ji ta hura makirfo sau biyu yadda na hana ta. Sai ta ce, "Mai waya, kana jina? Ko ka tafi shan shayi?"

A cikin fayil ɗin babu amsa, don a lokacin ina bayan gilashi, hannu kawai nake ɗaga mata. Tana jira.

Na ce, "Ina jinki, Malama."