Saƙo Aka Ba Ni

A shekarar da aka sauya mana kuɗi daga fam zuwa naira na buɗe shagon sayar da tabarau a Samaru, a bakin titi, daura da ƙofar jami'a. Tabaran ganin kusa ne, irin wanda ake kawowa a haɗe, kowanne da lambar ƙarfinsa. A shekarar ne kuma mahaifina ya ajiye allura. Shi maɗinkin manyan riguna ne a Jushi, aska takwas ɗinsa har daga nesa ake zuwa nema. Rana ɗaya ya naɗe rigar da yake kai, aiki bai kai rabi ba, ya ce bayansa ne ya hana shi zama. Tun daga ranar cin gidanmu ya dawo kaina. In shagon nan ya mutu, ba ni kaɗai zan ji a jika ba.

Ni kuwa na san mai sayen tabarau, ko in ce haka na ɗauka. Ɗan boko ne, saurayi mai ɗamammen wando, littattafai a hammata. Na sa mai fenti ya zana mini shi a allo, har da gashinsa mai tudu, aka rubuta Turanci a ƙasa. Takardar gwajin ido ma ta Turanci na rataya. Ban taɓa tambayar kowa ba. Na yi shekara biyu ina akawu a ofis, na ga masu tabarau duk 'yan boko ne, shi ke nan na yanke hukunci.

Ɗalibai sun zo, ba su ƙi ba. Su cika shagon, su ɗora wannan su cire wancan, su dubi madubi, wani ya ce wa wani, "Kai, ka zama farfesa!" Sai su yi dariya su fita. Haushi kamar ya kashe ni. Wanda yake da ciwon ido na gaske a cikinsu, nesa ce ba ya gani, kayana ba su da amfani gare shi, sai asibiti. Ciniki dai yana ɗigowa, ɗaya yau, biyu jibi, amma ban taɓa ɗaga kai na dubi masu sayen da kyau ba. A ganina tsautsayi ne ya kawo su, ina jiran ainihin mutanena.

Wata Asabar na shiga kasuwar Sabon Gari, na biya rumfar wata dattijuwa mai sayar da zare da allura. Mutuniyar kudancin Zariya ce, Kirista, tun ina ƙarami a wurinta Baba yake sayen zaren ɗinki, Mama nake ce mata. Na zauna na zazzage mata kukana, na zagi ɗalibai son raina. Ta bar ni har na gaji.

"Ɗana, na ji waɗanda ba sa saye. To su wa ke saye?"

"Tsirarun mutane ne, Mama. Dattawa haka."

"Me suke yi da shi?"

Na ce ban taɓa tambaya ba. Ta ce, "Wancan yaron na jikin allonka, kai ka haife shi, shi ya sa kake sonsa. Ya taɓa sayen ko ɗaya? Ni ban iya zane ba, amma in mutum ya sayi zare sai na san rigar wa zai ɗinka. Ka ba mutum kujera, ka rufe bakinka, zai gaya maka."

Na ji zafin maganar, don ni mutum ne mai saurin fushi. Amma a hanyar komawa na sayi littafin rubutu da benci ƙarami.

Da farko ɓata abin na yi. Mutum zai saya, sai in ce, "Ai don karatu kake so, ko?" Ya ce, "I, don karatu." Mako guda ina rubuta karatu, karatu, ina murna zatona ya tabbata. Da na kai wa Mama littafin na karanta mata, sai ta ce, "Wannan ai maganarka ce suke maido maka. Bahaushe zai ƙaryata ka a shagonka?" Daga nan na sauya tambaya. Yaushe abin ya fara damunka? Me kake yi a lokacin? Me ka gwada kafin ka zo? Wa ya kwatanta maka nan? In mutum ya fita sai in rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ba da nawa ba. Wanda ya juya bai saya ba ma nakan bi shi bakin ƙofa in tambaye shi dalili cikin ladabi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wata magana da ta yi ta maimaituwa. Dattijo zai shigo, ya waiwaya ya ga ba kowa, ya ce, "Saƙo aka ba ni." Na wani yayansa ne, ko maƙwabci. Sai in ce ai tabarau ba a sayensa da saƙo, sai mai ido ya zo. Wasu sun fita a kan haka, kuma ni na kore su da bakina. Ranar nan na ƙyale wani ya gwada wa yayan nasa. Ya ɗora, bai ko dubi takardar Turancina ba. Ya juya baya, ya laluba hularsa ya zaro allura, ya ɗaga ta sama yana duban kafarta. Na ji ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi." Na dubi yatsansa, duk kanta. Na ba shi kujera, na aika aka kawo shayi. Sai da shayin ya huce ya ce, "Yaro, in aka ji idon maɗinki ya taɓu, wa zai ƙara ba shi riga?"

Bayan wata uku na baje littafin a kan tebur, na yi ta haɗa masu kama da juna. Mutum uku suka fito. Akwai mai littafi: malamin zaure da ƙananan baƙaƙe suka fara gudunsa, da mai wa'azin coci da yake nesanta littafi har iyakar hannunsa. Mai littafi ba ya ɓoyewa, ƙorafinsa dai takardar gwajina ba irin rubutunsa ba ce. Akwai uwar gida mai tsintar shinkafa da saƙar hula, wadda mijinta ke zuwa ya saya mata da ka, sau da yawa a dawo da shi bai yi ba. Amma mafi yawa shi ne wanda na sa wa suna Mai Allura. Ɗalibin allona bai fito ko a shafi ɗaya ba.

Na ɗauki shafi guda na rubuta Mai Allura kamar mutum ɗaya, ban sa komai ba sai abin da na ji daga bakin mutum fiye da ɗaya. Ya haura arba'in da biyar. Nesa yana gani sarai, shi ya sa bai yarda ciwo ba ne. Abin ya fara ne da zura zare. Ya dawo da aikinsa bakin ƙofa don haske, ya daina ɗinki bayan la'asar. Ya sa kwalli, ya wanke da ruwan magani. Ba ya karanta allo, daga bakin abokin sana'a yake ji. Kasuwar Sabon Gari yake zuwa sayen zare, Samaru ta yi masa nisa, kuma yana jin kunyar shagon da yara suka cika. Ba ya cewa ido. Yakan ce baya, ko ciwon kai.

Da na rubuta layin ƙarshe sai hannuna ya tsaya. Na sake karanta shafin daga sama. Na tuna Baba ya jawo buzunsa bakin zaure tun bara waccan. Na tuna yadda yake miƙa wa mahaifiyata allura yana cewa ta zura masa, wai hannunsa da maiƙo. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Na zagaya na tambayi baƙi da yawa, ban taɓa tambayar wanda nake gaisarwa kowace safiya ba. Kunya ta kama ni, na yi kuka a shagon nan da rana tsaka.

Raina ya so in kwashi tabarau in ruga Jushi. Mama ta hana ni. Ta ce, "Karanta takardarka. Mutumin nan yana son a ce masa idonka ya mutu? Balle ɗansa?" Ashe ita ta daɗe da sani, tun ranar da ta ga Baba yana zaɓar zare da laluben yatsa.

Sai na yi abin da shafin ya ce. Na tashi daga Samaru, na kama ƙaramar rumfa a layin masu zare, kusa da ta Mama. Allon ɗalibi na bar wa mai shayi ya yi tebur da shi. Sabon allon ba mutum a jiki, allura ce kawai da zare ya ratsa ta. Na sa labule a lungu, na ajiye faranti da allurai da zare da ƙyalle, da shafin ajami da na boko, da 'yar tasar shinkafa wadda nake ba magidanta aro tare da tabarau uku su kai gida a gwada. Wanda na ga farin abu a ƙwayar idonsa, ko ya ce nesa ma hazo yake gani, asibiti nake tura shi, ba na sayar masa. Na kuma daina gardama da saƙo. In an ce na yaya ne, sai in ce, "To gwada masa." Ciniki bai yi ambaliya ba, amma ya riƙe gida.

A gida kuwa ban ce komai ba. Sau ɗaya dai, muna cin tuwo, na ba da labarin wani maɗinki da ya koma aiki, ban dubi kowa ba. Baba ya ci gaba da cin tuwonsa. Wata biyu suka wuce, har na fara fid da rai.

Wata Laraba da hantsi na ɗaga kai sai ga shi tsaye bakin rumfa, da rigarsa ta Juma'a. Bai taɓa zuwa shagona ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Mama ta juya baya tana gyara zaren da ba abin da ya same shi.

"Saƙo aka ba ni," in ji shi. "Wani abokina."

"To, Baba. Sa'anku ne?"

"Sa'ana ne."

"Ku shigo ku gwada masa."

Na ɗaga labule, na miƙa masa farantin. Tabarau na farko bai yi ba. Na biyu ya matso. Da na ɗora masa na uku, ya ɗaga allura, ya lashi bakin zaren, ya zura shi sau ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa, ni kuma ina kallon ƙasa.

"Zai yi masa," ya ce.

Ya fita, ya tsaya rumfar Mama, na ji yana tambayarta ko har yanzu tana da koren zaren nan da ya saya bara, akwai rigar da bai ƙarasa ba.