Dillalin Kifi da Awannin Zipora

Andarawus ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi a Yelwa, don haka ba ƙage zan yi masa ba. Shekara ashirin yana dillancin kifin banda a kasuwar bakin ruwa. Bai taɓa jefa taru ba, bai taɓa hura wutar banda ba. Abin da ya iya shi ne ya tsaya kan kwalin kifin wani, ya faɗi kuɗin da ko mahaukaci ba zai biya ba, ya bar mai saye ya yi fushi ya tafi, sannan ya ƙirga takunsa. A taku na goma, in ji shi, kowa yana juyowa. Da wannan ilimin guda ɗaya yake auna duniya.

Ƙanwarsa Zipora ta gama kwaleji babu aiki, sai ta koyi yi wa mutanen nesa hidimar ofis ta intanet. Wata takwas tana tura takardun nema kafin ta samu mutum ɗaya, wata Susan, mai ɗaukar hoton biki a Kanada. Aikin a fili yake: ta amsa imel, ta tsara wa matar kalanda kada biki biyu su haɗu rana ɗaya, ta tuna wa masu biki lokacinsu, ta ɗora hotuna a shafinta. Awa goma a mako, biyu kowace la'asar daga Litinin zuwa Juma'a, dala shida kowace awa. Da wannan ta sa sola a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, kuma da shi ake sayen maganin hawan jinin tsohuwar. Duk wannan lokacin Andarawus cewa yake yi wasan kwamfuta take yi.

Bayan shekara guda Susan ta rubuto. Bukukuwa sun yi yawa, tana son awa ashirin a mako, kuma tunda aiki zai ƙaru, Zipora ta faɗi farashin da take ganin ya dace. Yarinyar ta yi murna har ta faɗa a tsakar gida cewa za ta nemi dala bakwai. Nan ta yi kuskure, domin dillali yana zaune yana cin tuwo.

"Bakwai?" ya ce, har da ajiye loma. "Ke mi kika sani ga ciniki? Wagga mata ita ta biɗo ki. Ki ce ashirin da biyar. Ta taya goma, ki ce albarka, ku tsaya sha biyar."

"Yaya, su ba haka suke yi ba. Abin da ka rubuta shi suke ɗauka."

"Mai saye mai saye na, ko Onitsha ko Kanada."

Inna ta sa baki, ta ce ta bi maganar yayanta, ya fi ta sanin kasuwa. Ni ina wurin, kuma ban goyi bayanta ba, abin da har yau yake ci mini rai. Andarawus ya tsaya a kanta tana rubuta ashirin da biyar ɗin. Da ta so ƙara layin cewa a shirye take a daidaita, ya ce ta goge, wai mai kaya ba ya nuna yunwa.

Washegari amsa ta zo, gajeriya, cike da ladabi. Susan ta gode, ta ce ta fahimci Zipora ta wuce ƙarfin aljihunta, ba za ta tsare ta ba. Zipora ta miƙa hannu za ta ba da haƙuri nan take, Andarawus ya riƙe kwamfutar.

"Tahiya ta ta fushi. Ƙyale ta, tana juyowa."

Kwana huɗu ya hana ta taɓa zancen. Tana yin aikinta na awa biyu, shi kuma yana yawo a kasuwa yana ba da labarin yadda ya matse Baturiya. Kunya ba ta san hanyar gidansa ba. A kwana na biyar Zipora ta faki idonsa ta rubuta cewa bakwai ma ya ishe ta. Susan ta ce kash, ta riga ta ba wa wata alkawari, wadda za ta fara Litinin.

Saura awa biyu a makon Zipora, kuma an biya su, sai ta yi aikinsu. Aikin shi ne ta rubuta wa sabuwar bayanin yadda ake komai, ta kuma tura mata takardar yarjejeniya. Ta buɗe takardar a gabanmu. Awa ashirin a mako, dala tara kowace awa.

Ba ta yi kuka ba sai da Inna ta tambaya ko maganin wata mai zuwa yana nan. Andarawus ya leƙa allon, ya karanta, ya gyara hula.

"Kun gani?" ya ce. "Na ce muku bakwai ya yi kaɗan."