Ramuka Biyu, Faɗi Ɗaya

Yayata ba ta yarda da kowa ba. Ko ruwa ka ba ta, sai ta ɗaga kofin ta duba. Tun muna yara haka take, kuma da wannan halin ta zama malama a ɗakin gwajin ƙarafa na kwaleji, inda ɗalibai ke ce mata Ina-Shaida. Ɗana na fari yana ajinta, a gidanta ma yake zaune. Kwas ɗinta kaɗai ya rage masa, in ya faɗi sai ya maimaita shekara.

Gwajin ba wuya. Ana ba ɗalibai sillen jan ƙarfe biyu, ɗaya an murje shi a inji ba wuta har ya yi tauri, ɗaya an gasa shi a tanderu ya yi laushi. Na'ura ta danna tsini a kan kowanne, a auna faɗin ramin ta madubin ƙara girman abu. Ƙaramin rami, ƙarfe mai tauri ke nan. Daga nan kowa ya rubuta sharhi kan abin da ya samu.

Sharhin ne ya daɗe yana ba ta haushi, don kowace shekara magana ɗaya ce, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Bana sai ta gasa sillayen duka, ta bar tsohuwar alamarsu ta murjajje da gasasshe, ba ta gaya wa kowa ba. Ni kam da na ji daga baya, na ce wannan mugunta ce.

Wasu suka rubuta cewa ramukan sun zo daidai, ƙila samfurin da aka murje ya sha zafi, ko an haɗa musu iri ɗaya. Ta ba su maki, ta kuma bi su da harara don kada su saba.

Ranar da na kai ziyara, ta ajiye takardar ɗana a tebur, ta ce ya karanta mana. Ya karanta da murya mai daɗi: murjajjen ya ninka gasasshen tauri, domin murza tana cakuɗa tsarin ƙarfe, wuta kuma tana fito da sabbin ƙwayoyi. Wallahi har na fara alfahari.

Yayata ta ce, "Da idonka ka auna?"

"Haba Inna, da idona."

Ta zaro sillayen daga jaka. "Lanƙwasa mini mai taurin."

Ya ɗauki mai alamar murza, ya danna da ƙarfi, abu ya naɗe a yatsunsa kamar waya. Ya ɗauki ɗayan, shi ma haka.

Raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, ɗanki ne fa. Tarko kika ɗana masa?"

"Ajin na ɗana wa." Ta buɗe jan biro. "Takardar kowa na duba sau biyu. Tasa ce kaɗai na sa wa maki kafin in karanta."

A gabanmu ta soke makin.