Lissafi a Kan Hannu

Shekarar da aka raba ajin mata da na maza, bayan an ƙaddamar da Shari'a, aka tura ni Zurmi in koyar da 'yan mata lissafi da kimiyya. Ni 'yar Kaura ce, ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, ga ni da saurin fushi. Malamai sun yi ƙaranci tun da aka cire jiharmu daga Sakkwato, wasu kuma sun tattara sun koma Kudu. Aji uku na ƙaramar sakandare aka damƙa mini, aka ce in shirya su jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana.

A ajin akwai wata yarinya 'yar Birnin Tsaba, siririya, mai kaifin ƙwaƙwalwa da taurin kai daidai gwargwado. A gidan gwaggonta take zaune. Mahaifinta manomin gero ne, kuma ya faɗa mini baki da baki cewa gwaggon za ta koma wajen ɗanta a Shinkafi da zarar an yi girbi. In yarinyar ta sami makarantar kwana, to. In ba ta samu ba, ba shi da inda zai ajiye ta a Zurmi, sai gida.

Littafin rubutu ɗaya take da shi na duk darussa, saboda haka ba ta ɓata shafi. A ka take lissafi, amsa kawai take saukewa a takarda. Rabin ajin haka suke yi, sai dai ita ce ke dacewa.

Wanda ya koyar da su kafin ni ya bar musu wata waƙa ta sauya ma'auni: babba zuwa ƙarami a ninka, ƙarami zuwa babba a raba. Suna rera ta har da kaɗa kai. Tana aiki kuwa in kilogiram za a mayar giram, ko mita zuwa santimita. Ni dai na tsani waƙar nan tun ranar da na fara jin ta.

Na gurza musu takardar aiki a tsohon injin ofis, tawada na bin yatsuna. Tambaya ta ƙarshe ita ce: mota na gudun kilomita 72 a awa, mita nawa ke nan a sakan? Yarinyar ta riga kowa miƙo takarda. Ta rubuta 259,200,000.

Na ce, “Wace mota ce wannan? Kafin direba ya ce bismillah ai ya wuce Makka.”

Aji ya fashe da dariya, ita ko ta tsuke fuska. Ta ce, “Malama, ƙa'ida na bi. Kilomita zuwa mita, babba zuwa ƙarami, na ninka da dubu. Awa zuwa sakan, shi ma babba zuwa ƙarami, na ninka da dubu ukku da ɗari shidda. Mi na ɓata?”

Gaskiyarta, ba ta karya waƙar ba. Na miƙa mata alli, na ce ta sake yi a allo, amma kowace lamba ta tafi da sunan ma'auninta. Ta rubuta kilomita 72 bisa awa, sau mita 1000 bisa kilomita ɗaya. Kilomita na sama da na ƙasa suka soke juna. Ta ƙara sau sakan 3600 bisa awa ɗaya, sai ta tsaya. Awa na ƙasa har sau biyu, babu abin da zai soke ta, sakan kuma ya hau sama inda ba a neme shi ba.

Na ce, “Mita bisa sakan aka tambaye ki. Shi kika samu?”

Ta goge da gefen hannu, ta juya: awa ɗaya bisa sakan 3600. Awa ta soke awa, aka bar mita a sama, sakan a ƙasa, amsa ashirin. Na ce mata lamba ba ta gardama, duk yadda kika juya ta za ta ba ki wani abu, amma ma'auni in kin kife shi sai ya tsaya miki a layi ya ƙi tafiya.

Ta ce, “Awo, na gani. Amma wanga aiki yana cin takarda.”

Daga ranar na daina karɓar amsa tsirara. Na yi ta kwaso mata takardun da injin ya lalata tana rubutu a bayansu. Ta yi ta ƙunƙuni, ni ma na yi ta faɗa, har abin ya zauna mata. Ta kai ba ta yarda da amsar kanta sai ta ga ma'auni ya soke.

A Kaura aka yi jarrabawar. Mu malamai aka tsayar da mu a waje ƙarƙashin dalbejiya. Takardar da aka raba musu shafi ɗaya ce, an cushe tambayoyi, gaban kowacce ɗan layi na amsa. An hana shiga da wata takarda, an kuma ce kada a yi rubutu a baya. Ban san wannan ba sai daga baya.

Ana tsakar rubutu na ga mai sa ido ya fito da ita. Na taso na nufe su. Ya ce ya kama ta hannunta cikin hijabi tana leƙawa, da aka sa wata malama ta duba sai ga lissafi a fatar hannun.

Na kama hannun na duba. Tambayar famfo ce: lita 18 a minti, santimita kubik nawa a sakan. Ta rubuta da biro tun daga wuyan hannu, lita 18 bisa minti, sau santimita kubik 1000 bisa lita. Sai sakan 60 bisa minti, an ja masa layi an kashe, a gefensa minti ɗaya bisa sakan 60. Kusa da gwiwar hannu ta rubuta 300.

Na ce, “Malam, dubi nan don Allah. Lambobin tambayarku ne na yau. A ina ta san su kafin ta shiga? Ga ma inda ta yi kuskure ta gyara. Wa ke shigo da satar amsa da kuskure a ciki?”

Ya ce, “Malama, ni ba lissahi nika koyarwa ba. Doka ta ce duk wanda anka gani da rubutu ga jiki, a hidda shi. Yanzu ba lokacin da ba ne, kowa ido ya sa muna.”

Na ɗaga murya, na san na ɗaga. Na je wurin shugaban cibiyar jarrabawar, ya saurare ni da mutunci, ya ce in rubuto ƙorafi. Na ce a zo a duba hannun yanzu kafin ta yi alwala, ya ce babu wanda zai tsaya duba hannun 'ya mace. Na rubuta ƙorafin, na kai da ƙafata, na yi ta sintiri har aka kafe sunayen waɗanda suka ci. Babu nata. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don da ta bi waƙar nan a ka ta ɓata tambaya ɗaya kawai, da wataƙila ta wuce.

Bayan girbi mahaifinta ya zo ɗaukarta, ya biyo ta makaranta ya yi mini godiya. Ya ce, “Malama, kin yi iyakar yinki. Haka Allah ya so.”

Ita tana bayansa riƙe da ƙullin kayanta. Sai da ya juya zai tafi ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

“Malama, ba ki hwaɗa min ba. Ɗari ukku ɗin, daidai ne?”

Na ce, “Daidai ne.”

Ta gyaɗa kai, ta ɗora ƙullin a ka, ta bi mahaifinta zuwa tasha.