Tsagar da ke wuyan rumbu

Mijina ɗan jaki ne. Shi ke kai fatu bisa jakuna daga Sakkwato zuwa Gusau, inda jirgin ƙasa ke kwasa. In ya saɓa da wani fatke, kafin kasuwa ta zagayo ya sami wani, don haka zaman 'yan kwanaki bai taɓa ba mu tsoro ba. Ni har daɗi nake ji, ga shi a gida yana kushe min miya.

Sai manyan motoci suka zo. Ya zaga gidajen fatake kamar yadda ya saba, kowa ya ce masa ya riga ya ba mota. Sana'ar ce ta mutu, tuƙi kuwa bai iya ba. Da ƙyar ya sami ɗaurin fatu a rumfar wani kamfani. Ana nan kasuwar fata ta faɗi can ƙasar Turawa, aka sallame su, aka ce in ta tashi a neme su.

Ya koma gonar gandu a bayan ganuwa, inda mahaifinsa da ƙannensa huɗu ke noma. Gonar ba ta ƙaru ba, gero dai kowace kaka yana tsayawa daidai wata tsaga da ke wuyan rumbu. Amma yana fita da asuba, yana dawowa da ƙasa a ƙafa, kuma a unguwa ana ce masa manomi. Da wannan ya riƙe kansa.

Damina ta biyu kurkunu ya kwantar da shi tun daga shuka. Tsutsar na fita daga ƙwaurinsa ina naɗe ta a tsinke, shi kuwa hankalinsa na gona.

"Bana rumbu ba shi cika," yake cewa. "Hannu guda ya ragu."

Ranar da aka zuba gero ya dogara sanda ya fito. Autansu na bisa rumbu, ya leƙo yana murna, don ya kwantar masa da hankali.

"Yaya, kwantar da ranka! Ga shi nan ga tsaga, kamar bara. Ba mu rasa komi ba."

Yaron nan ba mugu ba ne, amma har yau ban iya yafe masa ba. Mijina ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan ya tambaye ni a hankali, "To ni mi nika yi can?"

Da ƙafar ta warke ya bi masu cin rani kudu. Al'ada, da ruwan farko ake dawowa. Ruwa ya sauka, kowa ya dawo ban da shi. Shekarar da aka sami 'yancin kai kamfanin ya aiko ana neman tsofaffin masu ɗauri, ni na amsa sallamar.

Na yi kaka da yawa a gidan ina jira. Allah ya gafarta min, kowace kaka sai na roƙa a asirce geron ya gaza, ko da kamu ɗaya, don in sami abin da zan faɗa masa in ya dawo. Bai taɓa gazawa ba.